Me ya sa ya ƙi kilishin Sallah?

"Kawu, na kai wa maigidana Ba'indiye kilishin naman shanu a Ilupeju, ya yi godiya amma ya ƙi karɓa. Shin yadda muke ƙyamar alade haka suke ƙyamar naman shanu?"

Ɗana, ba ƙyama ba ce, girmamawa ce. Mabiya addinin Hindu suna ɗaukar saniya tamkar uwa: ta shayar da gida nono, da man shanunta suke kunna fitilar ibada, bijimin da ta haifa shi ke jan garma, kashinta kuma a busar a yi girki da shi. Ga kuma koyarwarsu ta gudun cutar da mai rai, shi ya sa da yawansu ko kaza ba sa ci. Har tsarin mulkin Indiya na 1950, a sashe na 48, ya nemi gwamnati ta hana yanka shanu. Ka ga wanda ya taso a haka, in ka miƙa masa kilishi, abin da ya fi ƙauna ka yanka masa. Gaba ka kai masa dabino.

Namu daban ne. Allah ya haramta naman alade a Baƙara aya ta 173, a An'am aya ta 145 kuma ya kira shi ƙazanta. Dalilinmu ke nan, umarni ne. Za ka ji ana cewa ai saboda tsila ne da sauran tsutsotsin da ke cikin namansa. Gaskiya ne akwai su, amma kada ka jingina imaninka a kai. Shekaruna talatin ina fawa a Agege, na sha ganin naman shanu da ƙwayoyin tsila farare kamar shinkafa a cikin tsoka, likitan dabbobi ya sa a zubar, kuma sa bai zama haram ba. Alade kuwa ko da sabulu aka yi masa wanka kullum, hukuncinsa yana nan. Sai dai ayar ta yi rangwame ga wanda yunwa za ta kashe, ya ci gwargwadon tsira da rai.

Yahudawa su ma'auni aka ba su a Littafin Firistoci sura 11: dabba sai ta kasance mai rababben kofato, kuma tana tuƙa. Alade kofatonsa a rabe yake amma ba ya tuƙa, ya faɗi. Raƙumi yana tuƙa, ba shi da rababben kofato, shi ma ya faɗi. To ka ga raƙumin da muke layya da shi, a wurinsu layinsu ɗaya da alade.

Kiristoci akasarinsu suna ci, suna kafa hujja da Markus sura 7, cewa abin da ya shiga baki ba shi ke ƙazantar da mutum ba. Amma 'yan Adibentis da Kiristocin Habasha ba sa taɓa shi, don haka in za ka yi wa abokin aikinka Kirista tayin abinci ko shi ya yi maka, ku fara tambayar juna abin da ke cikin tukunyar.