Agogon yaro yana kira, amma taswira tana nuna wani wuri

"Maigida, Hajiyar nan ta Aboabo ta dawo da agogon ɗanta, mai layin waya da ke nuna inda yaro yake. Kira yana shiga, amma ta ce yaron yana aji a Asawase, taswira kuma tana nuna shi wajen Akwatia Line. Da imel ɗina na buɗe mata akawun saboda tana sauri. Jifiyes ɗin ne ya lalace?"

Da wuya ya zama lalacewa. Ɗauki agogon ka fita bakin titi, ka tsaya inda kake ganin sama sosai, ka ba shi minti biyu ko uku, sannan ka danna neman wuri a manhajar agogon da ke wayarka. Ka duba ɗan rubutun da ke jikin alamar taswira. In ya rubuta `GPS`, tauraron ɗan'adam ne ya ba da wurin, kuskurensa ba ya wuce 'yan mitoci. In ya rubuta `LBS`, agogon bai ga tauraro ba, sai ya yi kirdado da turken sabis ɗin da ya kama, kuma wannan yana iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci, wani lokaci har fiye da kilomita. Yaron Hajiya yana zaune ƙarƙashin rufin kwano tsakanin bangon siminti. Ka shiga da agogon cikin kasuwar Kejetia, ƙasan benen nan, za ka ga irin haka da idonka. Na ukun shi ne `WiFi`, inda yake lissafi da na'urorin intanet na maƙwabta. Ya fi na turke daidai, amma sai inda suke da yawa.

Akwai kuma tsohon wuri. Kusa da alamar akwai lokaci, ka karanta shi. In ƙarfe goma ta yi, lokacin yana cewa bakwai da rabi, to inda yaron ya bi da safe kake gani, agogon ya daina aiko da labari. Kira da murya yake tafiya, wuri kuwa da data, shi ya sa ɗaya yake aiki ɗaya ya tsaya. Ka cire layin ka sa a waya ka ga ko data ta ƙare. In tana nan, ka mayar da shi (agogon a kashe, kuma layin ba shi da lambar kulle), ka tura masa wannan saƙon tes:

```
pw,123456,ts#
```

Irin agogunan da ke aiki da manhajar SeTracker za su amsa maka da dogon rubutu. Ka nemi inda aka rubuta `NET` ko `GPRS`. In ka ga `NO`, bai san ƙofar intanet ta layin ba. Na MTN haka ake gaya masa:

```
pw,123456,apn,internet,,,62001#
```

620 lambar Gana ce, 01 ta MTN. Kada ka sa tazara, kada ka rage waƙafi ko ɗaya. Ka kashe ka kunna. In agogon ya yi maka shiru gaba ɗaya, gwada `523681` a madadin `123456`, wasu da ita suke zuwa. Kuma ka tabbata yankin da ka zaɓa wajen rajista shi ne `Europe and Africa`.

To, maganar imel ɗinka ta fi ta taswira damuna. Yanzu haka kai ne kake iya ganin ƙarfe nawa yaron nan yake fita gida, ta wace hanya yake bi zuwa makarantar allo, da inda yake kwana. Na san ba ka da mugun nufi. Amma wayarka tana yawo a hannun abokanka, kuma gobe kana iya sayar da ita a Adum ba ka goge komai ba. Idan Hajiya ta zo, a gabanta za ka cire agogon daga akawun ɗinka. Ka saukar mata manhajar a wayarta, ta buɗe nata da imel ɗinta. In ba ta da shi, ka taimaka mata ta buɗe, amma wajen kalmar sirri ka miƙa mata wayar ka kau da kai. Sannan a cikin manhajar a ɗauki hoton lambar rajista da ke bayan agogon ko jikin kwali, don a haɗa agogon da akawun ɗinta.

Wannan lambar ita ce makullin. A yawancin masu arha, wanda ya same ta yana iya neman haɗa agogon da wayarsa. Bayan an gama, ka ɓare takardar ka ba uwar ta ajiye tare da kwalin, kada yaro ya yi ta yawo da ita a wuyan hannu. Haka `123456` ɗin da muka yi aiki da ita yanzu: duk mai gyara a Kumasi ya san ta, saboda haka duk wanda ya san lambar layin yana iya aika wa agogon umarni. A 2019 kamfanin Avast ya gano dubban ɗaruruwan na'urorin bin sawu da aka bari da wannan lambar kamar yadda suka fito daga masana'anta. Ka duba takardar cikin kwali ka ga yadda ake canza ta a wannan samfurin. In ba ta canzuwa, ka gaya wa Hajiya gaskiya, kuma kada a raba lambar layin ga kowa. Layin kansa da sunanta da katin Gana ɗinta za a yi masa rajista, ba naka ba, kuma kada a ajiye kuɗin Momo a kansa.

Sauran zaɓin nata ne, kai bayani kawai za ka yi. Lambobin da za su iya kiran yaro ita za ta faɗa, ka shigar da su, ka kunna hana baƙuwar lamba. Sai ka kira da wayarka ka gwada. In ta shiga, kullen bai kama ba. Maɓallin `SOS` yana ɗaukar lamba uku, yana kiransu bi da bi idan an danne shi kamar daƙiƙa uku. Ka sa wanda yake ɗaga waya a farko. Alhaji da ke tuƙa tirela zuwa Bawku bai dace da lamba ta ɗaya ba. Ka tambaye ta su wa za a ƙara a masu ganin taswira, ka nuna mata inda ake cire mutum, don zama yakan canza a gida, kuma wanda aka ƙara bara yana nan yana gani har sai an cire shi.

Akwai abu ɗaya da ni ba na koya wa kwastoma da zumuɗi, wato sauraron ɓoye. Ka sa lamba, agogon ya kira ka shiru, kana jin duk abin da ake faɗa kusa da yaro ba wanda ya sani. Ba yaron kaɗai ake ji ba, har malaminsa da 'ya'yan mutane. A 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta hana sayar da agogunan yara masu wannan aikin, ta ce iyaye su lalata waɗanda suka saya. In Hajiya ta tambaya, ka nuna mata yana nan, ka gaya mata duk mai akawun yana iya amfani da shi, kuma ta ji ra'ayin makaranta. Yaron ma a gaya masa agogon yana nuna inda yake.

Kafin ta tafi ka gyara mata abu biyu. Aiko da wuri duk minti ɗaya yana cinye batir tun kafin a tashi makaranta; ka sa duk minti goma, in tana son na yanzu ta danna da kanta. Da'irar da ake zanawa kewaye da makaranta kuma, wadda ke aiko da ƙararrawa in yaro ya fita, kada ka matse ta. Da ya shiga aji agogon zai koma kirdadon turke, ya yi tsalle waje, hankalin uwa ya tashi a banza. Ka fara da mita 500, ta duba mako guda, in ba ƙararrawar ƙarya sai a rage. Je ka gwada shi a bakin titi tukuna, ka zo ka gaya mini abin da ya rubuta.