Daraf yana hannunka, sunan wani ne a kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sarin shinkafa a Aboabo, nan Kumasi. Ɗan 'yar'uwata ya kawo mini wani baƙo da zai ɗauki buhu 300 a kan sidi 600, alhali ni 540 nake sarowa in sayar 560. Yau Juma'a bayan la'asar ya ba ni daraf ɗin banki na sidi 200,000. Sunan wani kamfani ne a gaba, amma sun sa hannu da hatimi a baya cewa sun sallama mini. Na ɗaga shi ga haske na ga alamar ruwa, na kira lambar wayar da ke jiki an ce na gaske ne. Gobe mota za ta zo lodi. Canjinsa na 20,000, in ba shi a hannu ko in tura ta Momo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba shi a hannu, kada ka tura ta Momo, kuma gobe ka bar kwaɗo a ƙofar sito. Ka duba ko'ina a jikin takardar nan, sai wuri ɗaya da ya fi ko'ina nauyi ka wuce shi kamar ba ka gani ba, wato layin da aka rubuta sunan wanda za a biya.

Daraf ba takardar sidi ba ce da duk wanda ta faɗa hannunsa ya zama mai ita. Umarni ne banki ya rubuta wa kansa cewa zai biya wane kuɗi kaza. Wannan wanen ba kai ba ne. Ɗauko takardar yanzu ka dubi fuskarta, galibi ta kusurwar sama a hagu, ko akwai layi biyu a jere da aka rubuta "A/C PAYEE ONLY" a tsakaninsu. Yawancin daraf haka suke fitowa. In yana nan, magana ta ƙare, domin ma'anarsa kuɗin ba su shiga asusun kowa sai na mai sunan da ke gaba. Ko hatimi goma aka buga a baya, akawun bankinka zai turo maka takardar ta ƙasan gilashi ya ce, Alhaji, wannan ba naka ba ne.

In kuma babu layin, har yanzu ba ka tsira ba. Wa ka gani yana sa hannun nan na baya? Ka san mai kamfanin? Hatimin roba kuwa, ka fi ni sanin cewa kafin ka gama shan shayi an sassaƙa maka shi a bakin titi. Dokar da ke kula da cak da daraf a ƙasar nan, wadda aka yi a 1961, ta ce sa hannun jabu ba ya ba kowa haƙƙi. Saboda haka in sato takardar aka yi daga kamfanin aka ƙaga sa hannunsu, ko da kuɗin sun shiga asusunka ana iya biyo sawu a ce ka dawo da su, kuma kai za a fara tambaya inda ka samo ta. Mai ciniki na gaskiya da ya je banki ya sayi daraf don ya biya ka, fom ake ba shi ya cike, a tambaye shi sunan wanda za a biya. Me ya hana shi rubuta naka?

Kuma ko ranar da aka kawo maka mai sunanka, ka karanta shi harafi-harafi. Sunan da ke asusunka na banki shi ake so, ba wanda ake kiranka da shi a Zango ba. In asusun na sunan shago ne aka rubuta sunanka na yanka, ko an sa Mohammed a inda katinka ya ce Muhammad, ana iya mayar da shi, kaya kuma sun riga sun tafi.

Alamar ruwa da ka gani ba na raina ta. Abin da take gaya maka kawai shi ne mai yiwuwa takardar daga banki ta fito. Ba ta gaya maka cewa rubutun da ke kai shi ne bankin ya yi ba. Lokacin da nake aiki a kanta a wani banki a Accra, wata Hajiya mai sarin atamfa ta shigo da daraf na kuɗi mai yawa. Takarda ta gaske ce, alamar ruwa tana nan, sa hannun jami'an banki biyu ma na gaske. Har waya ta yi wa reshen da ya bayar kafin ta saki kaya, ta karanta musu lambar daraf, suka ce ƙwarai, mu muka fitar da shi. Ba ta tambaye su nawa ba, ba ta tambaye su sunan wa ba. Ashe mutumin daraf na ɗan kuɗi kaɗan ya saya da sunan wani daban, ya kai gida ya wanke suna da adadi da sinadari, ya buga sabo. Da na sa shi ƙarƙashin fitilar duba kuɗi, wuri biyu suka yi dabbare-dabbare kamar inda bilic ya ɗiga a riga, daidai layin suna da akwatin adadi. Na shafa da ɗan yatsa, wurin ya yi kaushi, sauran takardar kuwa sumul. Hajiya ta zauna a kan bencin jira ta kwance mayafinta tana fifita, ba ta ce da kowa komai ba har aka tashi.

Tun daga ranar, inda nake fara kai ido ke nan. Takardar cak ana yin ta ne da zane mai laushi a bayan rubutu, wanda sinadari ke ɓatawa in ya taɓa shi. Ka dubi zanen da ke ƙarƙashin suna da adadi, ko ya koɗe, ko launinsa ya bambanta da na gefe. Ka dubi haruffan, ko duk girmansu ɗaya kuma a kan layi ɗaya suke, domin sifirin da aka ƙara daga baya ba kasafai yake zama daidai da 'yan'uwansa ba. Ka haɗa adadin da aka rubuta da kalmomi da na lambobi. A doka na kalmomi ake bi in sun saɓa, amma a aikace banki mayarwa yake yi. A nan gara ka natsu, domin tun da aka cire sifiri huɗu a 2007 har yau wasunmu da tsohon lissafi suke magana, baki yana cewa miliyan, takarda tana cewa ɗari. Ka dubi kwanan wata, don takardar da ta wuce wata shida ta kwanta. Sai layin lambobin nan masu siffa ta daban da ke can ƙasa, waɗanda ake bugawa da tawada mai maganaɗisu don na'ura ta karanta. Lambar farko a layin ita ce lambar takardar, in akwai wata a sama dole su zo ɗaya. Ba na ce ka zama ma'aikacin banki ba, amma wanda ke iya gane buhun da aka farke aka sake ɗinkewa zai iya gane wannan.

Wayar da ka yi kuwa, Alhaji, ka tambayi mai kaza ne ko kazarsa lafiyayya ce. Wanda ya iya buga suna a takarda zai gagara buga lambar waya? Abokinsa na zaune a wani ɗaki yana jiran kiranka, da muryar ofis da Turanci mai santsi. Kuma wane reshe ne ke tabbatar wa baƙon murya daraf ta waya bayan la'asar ran Juma'a? Tabbatarwa da ƙafa ake yin ta. Ran Litinin ka shiga mota zuwa Adum, inda kusan kowane banki ke da reshe, ka shiga na bankin da sunansa ke takardar, ka miƙa ta, ka ce a duba a na'ura: lambarta, ranar da aka fitar, adadin, sunan wanda za a biya, da ko an ba da umarnin dakatar da ita. Wannan na ƙarshen mutane ke mantawa. Mutum na iya sayen daraf na gaske, ya koma ya ce ya ɓata, banki ya dakatar, shi kuma ya zo maka da takardar. Ka ce baƙon ya raka ka. Yadda fuskarsa za ta yi in ka faɗi haka zai gaya maka fiye da abin da fitila za ta nuna.

Ranar ma da ya zaɓa ba banza ba. Takardar wani banki in ka zuba a naka, hotonta ake turawa ta GhIPSS, cibiyar da bankunan ƙasar nan ke biyan juna ta cikinta, zuwa bankin da ya bayar, kuma hanyar yau da kullum kwana biyu na aiki take ɗauka. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi. Akwai ta gaggawa, wadda in ka kai da safe ka biya ɗan caji kuɗi ke fitowa a ranar, amma ba da yammacin Juma'a ba. Motar da ta yi lodi gobe, kafin Talata ta wuce Tamale an sauke an raba. Kada kuma saƙon da banki ke turowa a waya cewa an zuba ya ruɗe ka. Ka buɗe manhajar ka dubi "Available Balance", abin da ke nan shi ne wanda za ka iya cira.

Yanzu zauna ka yi lissafin da ya kamata ka yi kafin ka karɓi takardar. Ƙarin sidi 40 a buhu 300, sidi 12,000 ke nan, shi ne ya rufe maka ido. Abin da ka ɗora a kai kuwa shinkafar sidi 162,000 ce da tsabar kuɗi 20,000, jimilla 182,000. Da ribar sidi 20 da kake ci a buhu, sai ka sayar da buhu 9,100 kafin ka dawo inda kake yau. Shekara nawa kake kasuwa, ka taɓa ganin mai sayen buhu 300 da bai nemi ragi ba? Wanda ba shi da niyyar biya ba ya taya kaya. Canjin nan kuma shi ne ribarsu ta tabbas, ko da ka hana lodi a ƙarshe.

Ɗan 'yar'uwarka ban ce da haɗin bakinsa ba. Sau da yawa irinsa la'ada aka yi masa alkawari, shi ma a tasha ya haɗu da mutumin makon jiya. Kira shi gefe bayan isha'i, ba a gaban mutane ba, ka tambaye shi gidan baƙon, shagonsa, da wanda ya taɓa ciniki da shi a nan Kumasi. Na san nauyin uwarsa kake ji, amma in kaya suka tafi, zumuncin da kake tattali shi zai fara lalacewa.

Shi kuma baƙon ka mayar masa da takardarsa da hannu biyu, ba faɗa. Ka rubuta masa sunan asusunka daidai yadda yake a banki, ka ce ya kawo sabon daraf na 180,000 cif da wannan sunan, ko ya tura kuɗin kai tsaye daga asusunsa zuwa naka. Kafin ka miƙa masa, ɗauki hoton gaba da baya a wayarka, ka nemi ganin katinsa na ɗan ƙasa. In ya ce direba ba zai iya jira ba, ka ce kuɗin kwanan mota har Talata kai za ka biya.