Me Ya Sa Ƙ, Ɗ da Ɓ Suke Komawa Alamar Tambaya Bayan An Sauya Fayil?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni akawu ne a wata makarantar sakandare. Na shigar da sunayen ɗalibai da garuruwansu a Excel, komai daidai, sannan na adana shi a matsayin CSV. Da na sake buɗewa sai na ga Ɗanladi ya koma ?anladi, Ƙanƙara ta koma ?an?ara. Na canza salon rubutu har na gaji, babu sauyi. Mene ne ya jawo haka, kuma haruffan za su dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam akawu. Kafin komai, kada ka goge fayil ɗinka na asali mai ƙarewa da .xlsx, kada kuma ka adana wani abu a kansa. A cikinsa kaɗai haruffanka suke da rai yanzu. Wannan CSV mai alamar tambaya ya riga ya yi asararsu, shi ya sa canza salon rubutu bai yi maka komai ba.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Kowane tsarin lambobi yana da jadawalin da ke cewa lamba kaza ita ce harafi kaza. Tsohon jadawalin ASCII, wanda ya fito a Amurka a 1963, gurbi 128 ne da shi, kuma don Turanci aka yi shi. Daga baya Windows ta zo da Windows-1252, wanda ake gani a allo da sunan ANSI a yawancin kwamfutocinmu. Shi bayit ɗaya, ƙaramin ma'aunin ajiya na kwamfuta, yake ba kowane harafi, wato bai wuce gurbi 256 ba, kuma an cike ƙarin guraben da haruffan harsunan Yammacin Turai irin su é da ñ da ü. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Unicode, babban jadawalin da ya tattaro haruffan harsunan duniya, shi ne ya ba su mazauni na kansu: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ kuma U+01B4.

Fayil ɗin .xlsx da Unicode yake aiki, don haka komai ya zauna lafiya. Da ka zaɓi CSV (Comma delimited) sai Excel ya ɗauki kowane harafi yana nema masa gurbi a Windows-1252. Ya samu a, ya samu n, ya zo kan Ƙ bai samu ba, sai ya rubuta lamba 63 a madadinta, wadda ita ce alamar tambaya ta yau da kullum. Da Ƙ da ƙ da Ɗ da ɓ, duk lamba 63 ɗin nan suka zama. Ka lura cewa 'y, yadda muke rubuta ta a Najeriya, ta tsira, domin waƙafin sama da y duk suna cikin tsohon jadawalin. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴ kuwa, ita ma takan tafi.

Abin da ya fi damuna a irin wannan ɓarnar shi ne ba ta da hanyar komawa. Ɗauki kalmar ?ari. Ɗari ce, ko ƙari, ko ɓari? Haka ?aya, tana iya zama ɗaya, tana iya zama ƙaya. Babu manhajar da za ta gano amsar daga lambobin fayil ɗin, sai dai wanda ya san Hausa ya karanta ya gane daga ma'ana. A jimla abin da sauƙi, amma a jerin sunaye babu mahallin da zai taimaka, kuma sunan yaro da ya shiga rajista a gurguje yakan bi shi har takardar shaidarsa.

Akwai wasu cututtuka biyu da ake haɗawa da wannan, alhali maganinsu daban. Idan ka ga Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, ko ƙasa ta koma Æ™asa, to ka gode Allah, babu abin da ya ɓace. UTF-8, tsarin ajiye haruffan Unicode a cikin fayil, yana rubuta ƙ da bayit biyu, C6 da 99. Manhajar da ta buɗe fayil ɗin ta zaci Windows-1252 ne, sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai: C6 ya fito Æ, 99 ya fito ™. Haka ɗ take fitowa É— ita kuma ɓ ta fito É“. Rufe fayil ɗin ba tare da ka adana ba, ka sake buɗe shi da tsarin da ya dace, komai zai dawo. Idan kuwa ɗan akwati ka gani a gurbin harafin, lambar tana nan daram, salon rubutun ne bai da zanenta. A nan ne kaɗai canza salo zuwa Arial ko Times New Roman na yanzu yake magani.

Ga wanda yake da Python, waɗannan layuka biyu suna nuna bambancin ƙarara:

```python
"ƙasa".encode("cp1252", "replace")         # b'?asa'
"Æ™asa".encode("cp1252").decode("utf-8")   # 'ƙasa'
```

Layi na farko shi ne abin da ya same ka, na biyu kuma shi ne irin ɓarnar da ake iya warwarewa.

Yanzu ga gyaran. Buɗe fayil ɗin .xlsx, ka je File sannan Save As, a jerin nau'o'in fayil ka zaɓi CSV UTF-8 (Comma delimited), ba wanda ka zaɓa da farko ba. Sunayen biyu sun yi kama sosai, sai ka duba da kyau. Idan Excel ɗinka tsoho ne, irin na 2010 ko 2013, ba za ka ga wannan zaɓin ba. Sai ka buɗe fayil ɗin a LibreOffice Calc, wanda yakan tambaye ka Character set lokacin adana CSV, ka zaɓi Unicode (UTF-8). Ko kuma ka ɗora shi a Google Sheets ka sauke shi a matsayin CSV, shi ma UTF-8 yake bayarwa.

Bayan ka adana, kada ka yarda da ido kawai a cikin Excel ɗin da yake buɗe, domin yana ci gaba da nuna maka haruffan da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ko da fayil ɗin da ya rubuta ya lalace. Rufe shi, ka buɗe CSV ɗin da Notepad, ka nemi sunan da ka san yana da ƙugiya. A Notepad na Windows 10 da 11 za ka ga UTF-8 ko ANSI rubuce a ƙasa ta hannun dama. Ni shawarar da nake ba masu irin aikinka ita ce su sa layin gwaji mai ɗauke da ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ a saman jerin, su duba shi bayan kowace sauyawa, su cire shi a ƙarshe. Wata rana idan aka turo maka CSV ka ga irin Æ™ ɗin nan, shigo da shi ta Data sannan From Text/CSV, ka sa File Origin a kan 65001: Unicode (UTF-8).

Idan har na asalin ya salwanta, to sai gyara da hannu tare da rajistar makaranta a gabanka, kuma akwai tarko a nan. A Find and Replace na Excel, alamar ? tana nufin kowane harafi ne, don haka idan ka rubuta ta ita kaɗai ka danna Replace All, za ta cinye maka dukan rubutun. Rubuta ~? ne zai nemo ainihin alamar tambaya. Ka fara da kalmomin da ba su da shakka, kamar ~?an~?ara zuwa Ƙanƙara, sauran kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan fayil ɗinka ya fita lafiya amma alamar tambaya ta sake bayyana bayan ka shigar da shi a manhajar rajistar ɗalibai, laifin ya bar hannunka. Ma'adanar bayanansu ce ke kan tsohon tsari, wanda a manhajar ajiye bayanai ta MySQL ake kira latin1. Ka tura wa mai kula da ita layin gwajin nan, ka roƙe shi ya mayar da jadawalan ma'adanar da kuma hanyar sadarwa da ita zuwa tsarin utf8mb4, sannan a sake shigar da sunayen daga fayil mai kyau, domin waɗanda suka riga suka shiga da alamar tambaya ba za su gyaru da kansu ba.