Me Ya Sa Masu Saye Ba Sa Ganin Shaddata a Jiji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shadda a Jiji, manhajar saye da sayarwa, hotuna masu kyau, farashi daidai da na Kantin Kwari, amma shiru kake ji. Na rubuta wa tallan `Original quality material for classy people`. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar tana cikin taken nan naki. Akwatin bincike ba ya kallon hoto, kalmomin da mai saye ya buga yake gwadawa da waɗanda kika rubuta. Babu wanda zai tashi neman shaddar Sallah ya buga `classy`, ke kuma ko sunan shaddar ba ki ambata ba.

Ki buɗe manhajar kamar ke ce mai saye, ki fara rubuta `shadda` a akwatin, ki dakata. Kalmomin da za su sauko ƙasa su ne jagorarki. Sai ki gwada `brocade` da `guinea brocade`, domin da su yawancin mutanen Legas da Ibadan suka san kayan, kamar yadda a Yamai da Maraɗi `bazin` ake cewa. Ki kuma koma saƙonnin WhatsApp na kwastomominki ki ga yadda suke tambaya. Na fi yarda da wannan ma a kan komai, don su ne masu biyan kuɗin.

Daga nan sai jeri: sunan kaya a gaba, sai launi, sai yawan yadi. A waya ana yanke ƙarshen dogon take, saboda haka abin da ya fi nauyi shi ke fara zuwa. Farar shadda yadi biyar za ta iya zama haka:

```
Shadda Guinea Brocade, White, 5 Yards
```

Idan Getzner ce ta gaske, ki sa sunan a farko, don da shi ake nemanta. Idan ba ita ba ce, kada ki ara. Za a shigo da yawa, a yi ta tambaya, a watse, wanda ya saya kuma ya dawo da rigima.

Bayanin da ke ƙasan take shi ne wurin sauran sunayen, amma cikin jimloli, ba a jibge su kamar kayan gwanjo ba. Ki faɗi ko auduga ce zalla, ko tana da sheƙi, ko kina yanka yadi biyar ko sai turmi, da garuruwan da kike aikawa. Kowane launi kuma a ba shi nasa tallan, tunda mai neman `sky blue` ba zai tsaya kan fara ba.

Bayan masu Jiji sun amince da gyaran, ki ari wayar wani ki buga kalmar. In tallanki bai fito ba sam, ki duba ko kin sa shi a rukunin yadudduka ne ko na ɗinkakkun kaya. In yana fitowa, ana kallo amma ba a turo saƙo, to take ya gama aikinsa, sai ki waiwayi farashi da hoton farko.