Dara ta ci gida: yabo ne ko zagi?

Tambaya daga wani mai karatu a Gusau: "Allah ya gafarta Malam. Mun yi gasar dara ta allo a majalisarmu tun bayan isha'i har gab da asuba, wani tela ya cinye kowa. A wasan ƙarshe ya ba da 'ya'ya biyu, ya kwashe huɗu, ya shiga sarki. Na yi masa waƙa na ce: Zakin unguwa, dara ta ci gida, dare rigarka, kowa ya gudu. Sai wani dattijo ya ce zaginsa na yi. Ina laifin yake, kuma yaya zan gyara?"

Ɗan'uwa, dattijon nan ya yi gaskiya, ka kuma gode masa da ya faɗa maka kafin waƙar ta bazu.

Bahaushe yana cewa dara ta ci gida ne idan ɓarna ta faɗa wa wanda ya shirya ta, ko ta faɗa wa nasa. Mutum ya haƙa wa wani rami ɗansa ya faɗa, ɓarayi sun yi sata sun koma suna sace wa junansu, duk dara ce ta ci gida. 'Yar'uwar ƙaiƙayi koma kan masheƙiya ce. Gidan da ke cikin maganar gidan mai wasan ne, wato ɓangarensa da 'ya'yansa. Duk wanda ya taɓa zama gaban dara ya san yadda hakan ke faruwa: ka matsar da ɗa don ka ci, ashe gurbin da ka bari a baya shi ne ƙofar da za a shigo a yi maka ta'adi. Saboda haka da ka jingina maganar ga gwaninku, abin da kunnen Bahaushe ya ji shi ne dabararsa ta koma kansa.

Amma kada ka jefar da karin maganar, domin a daren nan naku dara ta ci gida ƙwarai. Gidan abokin karawarsa ta ci.

Mu duba wasan da kyau, don daga cikinsa yabon zai fito. Darar da kakanninmu suka sani ita ce ta ƙasa, gurbi talatin, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa. Taku kuwa ta allo ce mai gida ɗari, kowa da 'ya'ya ashirin, ana tafiya a karkace, ana ci da tsallake. Abin da ya sa bayar da ɗa ya zama makami a cikinta shi ne ci dole ne. Idan an miƙo maka ɗa ba ka da ikon kawar da kai, a wasu majalisu ma in ka ƙi ci sai a ɗauke ɗan naka da ya ƙi. To tela ya tura ɗa na farko bakin abokinsa, ya ci. Ya tura na biyu, ya sake ci. Kowane tsallake ya janye ɗa daga inda yake tsare da bayan 'yan'uwansa, sai layin da ke a toshe ya zama ɗa, fili, ɗa, fili. Ɗan da tela ya ajiye yana jira sai ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, ya sauka a layin ƙarshe, aka ɗora masa wani a ka ya zama sarki. Duka wannan sai da ya gama lissafa shi a zuci kafin ya taɓa ɗan farko, yana zaune shiru, mutane na ganin kamar ya yi kuskure.

Shi ya sa ban gamsu da zaki ba. Ba zagi ba ne, amma aro ne daga wani fage. Zaki da giwa da bajimi kirarin ƙarfi da kwarjini ne, sun dace da sarki da ɗan dambe da ɗan kokawa. Ɗan dara da haƙuri yake ci, da lissafi, da iya ɓoye abin da ke ransa. Kirarin da za a iya cire sunan tela a sa na kowane ƙato a unguwa bai yabi tela ba tukuna. Hausa kuma ba ta rasa abin da ya dace da shi ba. Akwai murucin kan dutse, ba ka fito ba sai da ka shirya. Muruci shi ne tsiron ƙwallon giginya, wanda kuwa ya tsiro a kan dutse ya san wuyar da ke gabansa tun kafin ya leƙo. Wannan kamar don mai lissafin wasa uku gaba aka yi shi. Akwai kuma gwanki sha bara. Barar nan ba ta almajiri ba ce, ba kuma shekarar da ta wuce ba, auna dabba ce da maharbi ke yi. Gwanki an sha auna shi, yana nan da ransa. Mutumin da gwanaye suka yi ta zama gabansa ɗaya bayan ɗaya tun isha'i, kowa da tarkonsa, bai faɗa ko ɗaya ba, ya cancanci wannan suna.

Dare rigarka kuwa, ka cire shi gaba ɗaya. Cikon maganar shi ne dare rigar mugu, kuma ba sai ka furta mugu ba, mai sauraro zai cika da kansa. Haka karin magana take, rabinta yana jawo sauran rabin. Idan tsawon daren kake so ka nuna, kowa ya ci zomo ya ci gudu ta fi kusa, ko kuma ka kafa wa daren iyakoki biyu da kowa ya sani, isha'i da kiran sallar farko.

Sai kowa ya gudu. A nan ka rage wa gwaninka daraja ba da niyya ba. In kowa ya gudu, wa ya ci? Makaɗan 'yan dambe sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa sukan ambaci manyan mazajen da gwaninsu ya kayar, don girman wanda aka kayar shi ne ma'aunin wanda ya kayar. Ka nuna an tsaya, an fafata, an sha wuya. Sai dai ka lura da bambancin zambo da habaici. Zambo yakan kama mutum ƙuru-ƙuru, ya siffanta shi ya muzanta shi. Habaici yakan bar maganar a sake, mai ita ya tsinci kayarsa. Wanda aka ci a wasan ƙarshe maƙwabcinku ne, gobe da shi za ku zauna a benci ɗaya, kuma shi ma ya ci mutane kafin ya kai nan. Habaici mara suna ya isa.

Ga yadda zan sake ɗinka maka ita, da abubuwan da kai da kanka ka ba ni:

Murucin kan dutse, uban dara,
Tun isha'i ake harbi, gwanki sha bara.
Ka ba da biyu, mai kwaɗayi ya dara,
Ka kwashe huɗu, benci ya ɗau ƙara.
Dara ta ci gida wajen mai gadara,
Naka gidan ko ƙofa ba a tarar ba a gyara.
Ladan ya yi kiran farko, kai ka saura,
A dara dai, Tela, kowa ka ɗara.

Layi na shida ya fi sauran tsawo kuma yana da nauyi a baki. In ka ga yana tuntuɓe, ka ce: Naka gida a rufe, babu abin gyara. Ka gwada duka biyun da ƙarfi, ba a zuci ba, ka ɗauki wanda numfashinka ya ɗauka.

Dubi abin da ya faru da karin maganarka a layi na biyar. Ba a taɓa kalmominta ba, an dai nuna gidan wa aka ci. Kuma ta zo bayan an ba da labarin biyu da huɗu, saboda haka mai ji ya riga ya ga abin da ya faru kafin a sa masa suna. Karin magana a cikin yabo a nan take da ƙarfi, bayan aikin, tana hatimce shi.

Amsa-amon da na zaɓa, wato ra a ƙarshen kowane layi, ba don ado kaɗai ba ne. Harshen ya ba ka kyauta a nan. Akwai dara ta wasa, akwai dara ta wanda ya yi dariya, akwai ɗara ta wanda ya fi wani, ga kuma gadara da ta haɗiye dara a cikinta. A baki ba sa rikicewa, amma a rubuce ƙugiyar ɗ ce kaɗai ta raba layin ƙarshe da shirme. In ka rubuta kowa ka dara babu ƙugiya, mai karatu zai zaci dariya ake magana. Idan za ka tura wa mutane a waya, ka tabbata ƙugiyar ta fito, in allon rubutunka ba shi da ita ka sa ɗan waƙafi a sama bayan harafin kamar yadda aka saba.

Ka kira abin naka waƙa, to bari in rarrabe maka kaɗan, don ka san yadda za ka isar da shi. Kirari ana ƙwala shi ne da murya sama, jerin sunaye da siffofi, ba ya buƙatar kiɗa ko 'yan amshi. Take gajere ne, kiɗa ne ko busa da aka san mutum da shi, da an ji an san wa ake nufi. Rubutacciyar waƙa kuwa tana da baitoci da ɗango da ma'auni da ake kiyayewa tun daga farko har ƙarshe. Wannan da muka yi kirari ne da aka sa wa amsa-amo, ban ɗaure shi da ma'auni ba. Saboda haka kada ka rera shi. Ka miƙe tsaye lokacin da ya iso majalisa, ka faɗe shi layi-layi, ka ɗan dakata bayan ka ce ka ba da biyu, don waɗanda suka ga wasan su tuna, sannan ka sako huɗun.

Na ce uban dara, ban ce sarkin dara ba, da gangan. Uba a kirari siffa ce, kowa na iya ba gwani. Sarki kuwa a bakin Bahaushe yana ɗauke da naɗi, kamar sarkin pawa ko sarkin maƙera, kuma in akwai dattijon da majalisarku ta daɗe tana kira da wannan suna, ba a karɓe shi a dare ɗaya. In kun ga tela ya kai, ku tara manyan majalisar su faɗa da bakinsu, sannan ka sauya kalmar a layin farko.