Karkarwar hannun Yaya

"Baffa, mutanen gida sun ce karkarwar hannun Baba iska ce, a yi masa turare da rubutu kamar yadda aka saba tun kakanni. Mu bi al'adar, ko yaya?"

Ɗana, rubutu da addu'a ban hana ba, ni ma ina sha. Amma shekarun da na yi ina aikin jinya sun sa ba zan kira wannan iska ba.

Da na zo Ringim da sallah, na zauna kusa da Yaya a zaure ina lura da shi. Hannunsa na dama yana kan gwiwa, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi, alhali babu carbin. Aka miƙo masa ƙwaryar fura, yana kai hannu sai karkarwar ta lafa. Ka tambayi innarka, za ta gaya maka in ya yi barci ɗif take tsayawa. Karkarwar da ke zuwa in hannu na hutawa, ta kuma faro daga ɓari ɗaya, ita muke zargi da cutar Parkinson. Wadda ke tashi sai an ɗaga kofi, wannan daban take.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri baƙi-baƙi da ƙwayoyinsa ke samar da sinadarin dofamin. Ƙwaƙwalwa kullum riƙe take da motsin jiki kamar mahayi da linzami, dofamin ne ke sassauta shi in mutum ya yi niyyar motsawa. Ƙwayoyin nan suna mutuwa sannu a hankali, kuma kafin a ga alama, wajen rabinsu ko fiye sun tafi. To linzami ya tsuke. Shi ya sa Yaya ke daɗewa kafin ya miƙe daga tabarma, takunsa ya gajarce, hannun daman ba ya lilo in yana tafiya masallaci. Har fuskarsa ta daskare, yara na cewa fushi yake. Ba fushi ba ne.

Sandarewar ma daga nan take. Naman da ke lanƙwasa hannu da wanda ke miƙe shi duk sun ɗaure lokaci guda. Kama gwiwar hannunsa ka lanƙwasa a hankali, za ka ji tana sakin jiki da kaɗan-kaɗan, tana cijewa.

Ku kai shi Asibitin Malam Aminu Kano wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ku tafi da duk ƙwayar da yake sha, domin wasu magungunan amai da na taɓin hankali suna toshe aikin dofamin, su kawo irin wannan. In cutar ce, akwai lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin. Ba ya tayar da ƙwayoyin da suka mutu, kuma ya fi taimakon nauyin jiki da sandarewa, karkarwar takan yi taurin kai. Kada ku ga hannu na rawa ku ce bai yi aiki ba, ku duba yadda yake tashi daga zaune.

Ka gaida innarka.