Na shafa maganin farin haƙori, yanzu ruwan sanyi ya gagare ni

Tambaya: Likita, bikina ya matso, sai na sayi wani man farin haƙori a kasuwar Kejetia, mai roba da ake sawa a baki. Kwana huɗu ina kwana da shi. Yanzu ko fiyawata mai sanyi na kurɓa sai zogi ya tsarga min har ka, dasashina kuma ya yi fari fat. Na ci gaba? Daga wata 'yar Aboabo, Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, ki dakata da shi tun yau.

Sinadarin da ke aikin shi ne ferokzayid. Yana ratsa ɓawon haƙori mai tauri, wato inamel, ya kai ga sashen da ke ƙarƙashinsa, inda yawancin launin haƙori yake, ya wargaza ƙwayoyin da ke riƙe da launin. Matsalar ita ce ba ya tsayawa nan. Cikin 'yan mintuna kaɗan wani ɓangarensa kan isa tsakiyar haƙori, inda jijiya take, ya harzuƙa ta. Zogin da kike ji ke nan. Idan akwai kogo, ko tsaga, ko dasashi ya janye ya bar saiwa a waje, hanyar ta ƙara buɗewa.

Ƙarfin maganin shi ne komai. Wanda likitoci suka fi bayarwa a kwana da shi, kabamayid ferokzayid kashi 10 cikin 100, yana sakin ferokzayid kusan kashi 3.5 ne kawai, kuma ana zuba shi ne a robar da aka auna bakin mutum aka yi masa ita. A Tarayyar Turai, abin da ya wuce kashi 0.1 sai ta hannun likitan haƙori, shi ma kada ya haura kashi 6. Robar kasuwa kuwa ba ta zama daidai, maganin ya malalo ya ƙone dasashi. Farin da kike gani ƙuna ce.

Abin da ya fi damuna shi ne kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Wasu na ɗauke da asid mai cin inamel. Zogin ferokzayid yakan lafa cikin 'yan kwanaki bayan an daina, amma inamel ɗin da ya zaizaye ba ya tsirowa, kuma haƙorin kan ƙara yin ɗorawa daga baya.

Ki koma man goge baki mai fotasiyam naitiret da fulorayid, ki bar lemun tsami da abin sha mai gas. Idan zogin ya wuce mako, ko haƙori ɗaya ne ke bugawa da dare, ki je sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye, ki tafi da kwalbar. Ki duba ma ko tana da lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA. Idan jan goro ko shayi ne ya sa kika saye shi, wannan a saman haƙori yake, wankin haƙori a asibiti yakan fitar da shi ba tare da ferokzayid ba.